Ranar da Maiwada Mai Keke Ya Gwada Ɗansa

Duk telan da ya fara sana'a a Minna bayan an mai da ita babban birnin jiha, da wuya a ce bai taɓa tsayawa a shagon Alhaji Maiwada Mai Keke ba. Keken ɗinki ake nufi, ba na hawa ba. Shagon yana bakin tsohuwar kasuwa, ba nisa da tashar jirgin ƙasa, tun daga ƙofa kake jin ƙanshin man keke da na sabon katako.

Mahaifinsa ɗan koli ne da ya biyo layin dogo daga ƙasar Kano, ya sauka a Minna da jakar allurai da zare, bai sake komawa ba. A nan aka haifi Maiwada, ya tashi yana jin Nufanci da yaren Gbagyi kamar yadda yake jin Hausa. Dogo ne, siriri, ba ya son yawan magana. Da jiha ta zo, ma'aikata suka cika gari, makarantu suka yawaita, kowa na neman yunifom da labule da kayan ofis, sai ya bar zare da allura a gefe guda na shagon, ya cika sauran da kekuna: na hannu, na ƙafa, da masu ɗinkin ado na zigizag. Cikin 'yan shekaru ya gina gida a unguwar Barkin Sale, ya kai matarsa Barira Makka.

A farkon wannan buɗi ne ya ɗauki wani mutum aikin tsaron shago saboda daɗin bakinsa. Mutumin ya zauna ya ba shi labarin kayan da ya sayar a Ikko da Kumasi, har Maiwada ya ji kamar ya tsinci zinariya. Ba a jima ba mutane suka fara dawowa da fushi. Wannan an ce masa kekensa zai ɗinka fata, waccan an yi mata alkawarin gyara kyauta har abada. Maiwada ya sallame shi, ya shafe watanni yana ba mutane haƙuri.

Tun daga nan ya kafa ƙa'ida. Duk mai son aiki a wurinsa, ba ya tambayarsa inda ya yi aiki ko abin da ya iya. Zai bar shi da kekuna ya dudduba su, ya yi duk tambayar da yake so. In ya ce ya shirya, sai Maiwada ya fita waje, ya juya hularsa, ya shigo da sallama a matsayin mai saye. Yakan zo da wata bukata da ba zai faɗa ba sai an tambaye shi, ya yi ƙorafin tsada, ya yi kamar zai tafi. Abin bai wuce minti goma. In an gama sai ya gaya wa mutum kuskurensa guda ɗaya, ya ce a sake. Ya sha faɗa cewa zagaye na biyun ya fi kallo, don a nan ake gane wanda ke jin gyara. 'Yan kasuwa suna yi masa dariya, suna cewa Alhaji ya buɗe gidan wasan kwaikwayo. Amma sun san masu tsaron shagonsa ba sa jawo masa rigima.

Ɗa namiji ɗaya Allah ya ba shi, Alhassan, sauran duk mata ne. Alhassan bai ɗauko shirun ubansa ba. Kyakkyawa ne mai fara'a, in ya zauna a majalisa ba mai son tashi. Lokacin siyasar farar hula shi ke riƙe lasifika a bayan motar wata jam'iyya, yana zagaya unguwanni da ƙauyuka, mata na leƙowa ta katanga don su ji shi. Da soja suka karɓi mulki aka kwance lasifikar, ya dawo gida ba aikin yi, ga mata ga jariri.

A shekarar da ta biyo baya Maiwada ya sayi a-kori-kura. Ya lura matan ƙauye sun fara son ɗinki, amma zuwa Minna na yi masu wuya, sai ya yi niyyar riƙa kai masu kekuna kasuwannin Kuta da Gwada da Paiko. Yana bukatar wanda zai bi motar, wanda zai tsaya da sunansa a inda idonsa ba ya gani.

Barira ce ta fara yi masa maganar, yana cin tuwo.

"Alhaji, ga yaron nan zaune. Wa ya fi shi sanin ƙauyukan nan? Wa ya fi shi baki?"

"Ya zo shago jibi, a gwada shi."

Ta ajiye mafici. "A gwada shi? Ɗan naka?"

"Kowa ma gwada shi nake yi."

"Kowa ba ɗanka ba ne."

Ya ci gaba da cin tuwonsa. Ya san gaskiya ta faɗa, shi ya sa ma ya yanke shawarar ba shi zai zama mai saye ba a wannan karon. Yana tsoron ko dai ya sassauta wa ɗansa, ko ya tsananta masa don kada a ce ya sassauta. Sai ya roƙi Madam Phoebe, wata mai koya wa 'yan mata ɗinki a unguwar Shango, wadda ta daɗe tana sayen kaya a wurinsa. Ya shirya mata abin da za ta zama: matar manomin doya daga wajen Kuta, an sayar da doya, tana son keke. Abin da ba za ta faɗa ba sai an tambaya shi ne, ba shago za ta buɗe ba, kasuwa-kasuwa za ta riƙa bi da keken a ka tana yi wa mutane faci, kuma babu mai gyara a garinsu. Za ta ce ya yi tsada, ta ce ta ga mai araha a bakin tasha. A ƙarshe ta ce sai ta shawarci mijinta.

Mutum biyu suka zo neman aikin. Ban da Alhassan akwai Yona, wani Bagbagyi daga Kuta da ya taɓa aiki a kantin sayar da kayan noma kafin a rufe shi. Maiwada ya gaya masu abu ɗaya: mace za ta shigo daga ƙauye, ga kekuna, ga farashi, ga iyakar ragin da aka yarda a yi. Ya ba su safiyar su duba kaya. Yona ya yi ta sa zare yana cirewa, yana tambaya. Alhassan ya zagaya sau ɗaya, ya shafa katakon babban keken, ya fita ya tsaya hira da maƙwabta.

Yona aka fara kira, Alhassan na jira a shagon mai shayi don kada ya ji. Phoebe ta ɗaura zani a kafaɗa irin na matan ƙauye, ta shigo tana waige-waige. Yona ya gaishe ta, gumi ya jiƙa masa riga. Hausarsa ba ta miƙe ba.

"Mama, wane irin ɗinki za ka yi da shi?"

Ta ce faci, da 'yan rigunan yara.

"A gida, ko a ina?"

Ta gaya masa. Sai ya wuce manyan kekuna, ya ɗauko na hannu, ya ce ta ɗaga ta ji nauyinsa. Ya ba ta tsumma ya ce ta juya da kanta. Da ta ce ya yi tsada, ta ga mai araha a tasha, bai zagi na tasha ba. Ya tambaye ta ko mai shi ya ce yana da ƙoshiya da allurar keken in sun lalace. Ta ce ba ta tambaya ba. Ya ce to a nan akwai. Amma da ta ce sai ta shawarci mijinta, sai ya ce to, Allah ya kai ta lafiya, ya tsaya yana kallonta har ta kai ƙofa.

Maiwada ya ce, "Ka yi noma ka bar amfanin a gona. Mace ta zo tun daga Kuta, ta taɓa keke, ta so shi, ka bar ta ta tafi ba ku ajiye magana ba. A sake."

A karo na biyu, da aka zo wurin, Yona ya tambaye ta ko mijin nata na zuwa kasuwar Kuta. Ta ce ba ya fashi. Ya ce to zai zo da wannan keken ranar kasuwa, maigidan ya gani da idonsa, in ya yi masu sai a sallama a can. Ya tambayi sunan mijin da inda yake zama a kasuwar. Maiwada ya nuna masa benci a waje.

Alhassan ya shigo da farar shadda, yana murmushi. Phoebe ba ta gama sallama ba ya tare ta da kirari, ya ce yau ta shigo gidan sa'a. Ya ja ta kai tsaye zuwa babban keken ƙafa mai zigizag da akwatin katako. Ya ce irinsa matan manya ke saye, ya ce shekara ashirin zai yi ko allura ba za ta karye ba, ya ce da shi za ta zama sarauniyar teloli a garinsu. Maganar tana da daɗi ƙwarai. Ita kanta Phoebe ta ce daga baya, da ba ta san keke ba da ta saya. Sau biyu ta buɗe baki za ta yi magana, yana rufe ta da wani zancen.

Da ta samu sarari ta ce, "Ɗana, ya yi tsada. Na ga wani a tasha."

Ya ce na tasha gwangwani ne, ɓarayi ke sayar da shi. Kafin ta taya ma ya rage mata, ta yi shiru, ya sake ragewa har ya wuce iyakar da aka ba shi. Da ta ce sai ta shawarci mijinta, ya ce shi kaɗai ya rage a duk Minna, in ta fita wani zai ɗauka. Alhali ga irinsa a jere a bayansa cikin kwali.

Maiwada yana zaune a kan kujerarsa, ya sunkuyar da kai. Kurakuran suna da yawa, amma bai saɓa ƙa'idarsa ba, ɗaya ya ɗauka.

"Me za ta yi da keken?"

"Ɗinki mana, Baba."

"A ina?"

Alhassan ya yi dariya. "A gidanta."

"Ita ta gaya maka?"

Alhassan ya kau da kai.

"Ba ka tambaye ta komai ba. Ka tambaye ta, ka saurari abin da za ta ce. A sake."

Phoebe ta fita ta sake shigowa. Alhassan ya ce, "Mama, me za ki ɗinka?" Ta fara cewa faci take so ta riƙa yi a kasuwanni, bai bari ta kai ƙarshe ba ya ce ai shi ya sa wannan babban ya dace da ita, ya koma kan zancensa na farko. Ana cikin haka ya hango mai shayi da wasu maƙwabta sun taru a bakin ƙofa suna leƙe. Sai ya tsaya cak, fuskarsa ta canza.

"Baba, wannan ai wasan yara ne. Ni da na tara dubban mutane a fili da bakina, yau ni ake sawa in yi wa matar da ta san ni tun ina goye wasan ciniki?"

"Waɗancan dubban, akwai wanda ya dawo maka da kaya ya ce ka cuce shi?"

"To ka faɗa kawai ba ka so na."

Maiwada ya gyara zama a kan kujerarsa. Sa'an nan ya ce Yona zai bi mota. Shi kuma Alhassan, in yana so, ya zauna a shago kusa da shi ya koyi kayan, bayan damina a sake gwadawa.

Alhassan ya dubi ubansa, ya dubi mutanen ƙofa, ya fita ta tsakaninsu.

Kafin la'asar labari ya gama kasuwa, kuma ba yadda ya faru aka ba da shi ba. Cewa aka yi Alhaji Maiwada ya tara jama'a ya tozarta ɗan cikinsa, ya ɗauki bare wanda ko sallarsu ba ɗaya ba. 'Yan'uwa suka yi ta zuwa Barkin Sale. Yayan Barira ya ce masa ko dabba ba ta yi wa ɗanta haka. Limamin unguwa ya ja shi gefe ya yi masa nasiha a kan zumunci. Maiwada ya yi ta bayani: sunansa ne zai shiga ƙauyukan nan, matan da za su saya da guminsu na shekara za su saya, in aka ɗora wa mace keken da ba za ta iya ɗauka ba, wa za ta zaga? Ba wanda ya ce ƙarya yake yi. Amma ba wanda ya goyi bayansa.

Alhassan bai ƙara taka shagon ba. Kafin azumi ya kwashe matarsa da ɗansa ya koma Kaduna, daga can ya gangara Suleja ya shiga dillancin filaye, lokacin ana ta ginin Abuja. Yakan aiko wa uwarsa atamfa da turare. Ubansa kuwa sai dai a ce yana gaishe shi. Barira ba ta yi yaji ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ci gaba da dafa masa abinci tana ajiyewa, amma ta daina zama kusa da shi in yana ci.

Ta fuskar ciniki, gwajin bai yi ƙarya ba. Yona ya buɗe wa shagon ƙauyuka har bakin Shiroro. Mata suna jiran motar ranar kasuwa, wadda ta saya bara tana kawo ƙanwarta bana. Maiwada ya ƙara masa albashi, ya taimaka masa da kwanon rufi. In ana yi masa gorin ɗansa, abin da yake riƙewa ke nan a ransa.

Sai tsarin tsuke bakin aljihu ya zo, naira ta faɗi, keken da tela ke saye da ɗinkin salla ɗaya ya koma sai ya shekara yana tari. Masu kawo kaya daga Ikko suka fara neman wanda zai shigar masu da kaya ƙauye kai tsaye, kuma kowa ya san sunan wanda ya iya. Wata safiya Yona ya zo ya durƙusa a gaban kujerar Maiwada, ya ce ya samu shago a Shango, zai fara nasa.

"Na rage ka da wani abu?"

"Ko kaɗan, Alhaji. Kai ubana ne."

"To mene ne?"

Yona ya daɗe yana murza hularsa. "Alhaji, shago na Alhassan ne. Ko yau ko gobe zai dawo. Kullum mutane suna gaya mani a kasuwa. Ranar da ba ka nan, ni ina zan tsaya?"

Maiwada ya so ya ce masa wanda ake tsoron ya dawo ɗin ko gaisuwa ba ya zuwa yi. Bai faɗa ba. Ya sa masa albarka. Yona bai ɗauki ko allura da ba tasa ba, amma matan ƙauye shi suka sani, shi suka bi.

An gwada wasu bayansa, wasu ma sun ci, sai dai kasuwar ta riga ta mutu. Aka sayar da a-kori-kura. Kekuna suka ragu a shago har aka koma kan zare da allura da man keke, inda mahaifinsa ya fara. Yanar ido ta kama shi, ya zama sai ya shafa kaya yake gane su. Waɗanda suka zarge shi da korar ɗansa su ne kuma suka dawo suna cewa ai ga shi nan, bare ya cinye shi ya tafi. Phoebe kaɗai ke zuwa ta zauna da shi. Ta taɓa ce masa ta yi nadamar yarda da ta yi ta shiga tsakaninsa da ɗansa. Ya ce mata ita ba ta yi komai ba, abin da aka sa ta ta yi, kuma ta yi shi daidai.

Barira ta rasu shekara goma bayan gwajin. Alhassan ya zo da mota mai kyau, ya yi ƙiba, furfura ta fara fito masa. Ya zauna karɓar gaisuwa kusa da ubansa kamar yadda ya kamata. Ranar sadakar uku, da mutane suka watse bayan azahar, suka rage su biyu a zaure. Maiwada ya lalubo gwiwar ɗansa ya dafa.

"Shagon nan ba mai riƙe shi. Idona ya tafi. Ka dawo ka karɓa."

"A gwada ni tukuna?"

"Ba gwaji."

"Don me? Na iya yanzu, ko don babu abin da ya rage da zan ɓata?"

Maiwada ya janye hannunsa. Can ya ce, "Da ma na rufe ƙofa ranar nan. Wannan kam kuskurena ne, bai kamata a bar mutane su tsaya kallo ba."

"Ƙofar kaɗai?"

Tsohon ya san abin da ake so ya ce, wato gwajin ma kansa kuskure ne. Kalma ɗaya ce, kuma mai yiwuwa da ya faɗe ta da ɗansa ya kwana a gidan. Ya juya ta a bakinsa, ya kasa.

"Ba ka tambayi matar nan komai ba, Alhassan."

Alhassan ya yi wata 'yar dariya marar daɗi, ya tashi ya kakkaɓe rigarsa. Ya ce zai riƙa aiko da abin cefane, a nemi wata cikin 'yan'uwa ta zo ta zauna da shi. Ya cika alkawari, bai taɓa fashi ba. Amma bai jira sadakar bakwai ba, kuma bai sake kwana a Barkin Sale ba.

Maiwada ya ci gaba da zuwa kasuwa da sanda, yana buɗe shago da safe ya rufe da la'asar, ko da ba wanda ya shigo. Tsofaffin teloli kan biyo su sayi zaren da za su iya samu a ko'ina, don dai su gaishe shi. Ya rasu cikin daminar 1998. Yona ya zo ta'aziyya da buhun shinkafa, ya zauna can gefen tabarma, mutane na kallonsa a kaikaice. Alhassan yana kan hanya aka yi jana'iza, ruwa ya tsare shi, ya iso an riga an dawo daga maƙabarta. Bayan arba'in aka raba gado, 'yan'uwansa mata suka ce ba su iya riƙe shago, shi ma ya ce ba ya so. Wani mai sayar da kaset ya karɓa.